Kashi nawa ko maki nawa?

A ce rahoton wata ƙungiyar adashi a Zangon Kumasi ya nuna masu jinkirin zubi sun ƙaru daga 10% zuwa 15%, amma taƙaitawar ta ce "ƙarin 5%". Kuskure ne.

Ka ɗebe 10 daga 15, saura 5: ƙarin maki 5 ke nan. Idan kuwa canjin kashi kake nema, sai ka raba wannan 5 ɗin da inda aka fara, wato 10, ka samu 50%. Cikin mambobi 200, masu jinkiri sun tashi daga 20 zuwa 30, rabi guda ya ƙaru. Wanda ya karanta "5%" kuwa zai ɗauka mutum ɗaya tak ya ƙaru, tunda 5% na 20 ɗaya ne.

Ni dai na fi son a rubuta maki, tare da lambobin farko da na ƙarshe.