Fim ɗin da ka sauke ya ƙi buɗewa? Duba wa'adinsa kafin ka zaɓi manhajar da za ka biya

Mai zaɓen manhajar kallo yakan tsaya ne a kan kuɗin wata da yawan finafinai. Mu da netiwok ke zo mana yau ya ɗauke gobe muna da tambayar da ta riga waɗannan: in na sauke fim a waya, kwana nawa zai yi yana buɗewa ba tare da data ba, kuma ina zan ga abin da ya saura? Amsar ta bambanta ƙwarai tsakanin YouTube da Netflix da Prime Video, kuma a kanta nake auna su.

Fim ɗin da ka sauke a cikin waɗannan manhajoji ba naka ba ne kamar wanda aka tura maka a memori. Akwati ne aka ba ka ajiya da kwaɗo a jiki, mukullin kuma aro ne. Akwatin shi ne babban fayil ɗin da ya cinye maka data da wuri. Mukullin kuwa ɗan ƙaramin lasisi ne da manhajar ke karɓowa daga kamfanin, ita kaɗai ke iya amfani da shi, kuma a jikinsa aka rubuta wa'adi. A wayoyin Android tsarin Widevine na Google ne ke wannan aiki, a iPhone kuma FairPlay na Apple. Shi ya sa in wa'adi ya cika za ka ga fim ɗin yana nan ya tare wuri a waya, amma ka danna ya ƙi. Shi ya sa kuma tura fayil ɗin ta Xender ba ya amfanar kowa, domin mukullin ba ya bin sa.

Kamfanonin ba don mugunta kawai suke haka ba. Yawancin finafinan ba mallakinsu ba ne, hayarsu suka yi daga masu su na wani lokaci, a wasu ƙasashe ƙayyadaddu. Suna kuma so su tabbatar har yanzu kana biya. Wa'adin ne ke tilasta wa wayar ta riƙa leƙowa intanet a duba ko kuɗin watanka bai yanke ba, ko fim ɗin yana nan a hannunsu.

Abin da ke rikita mutane shi ne agogon ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ke fara tafiya daga ranar da ka sauke, wannan mai tsawo ne, kwanaki ko makonni. Akwai na biyu, gajere, da ba ya motsi sai ka danna kallo karo na farko, kuma yawanci awa 48 ne. Dakatar da fim ɗin ba ya tsayar da shi, kashe waya ma ba ya tsayar da shi.

YouTube ce zaɓina, ba zan ɓoye ba. Dalilin farko a fili yake: yawancin finafinan Hausa masu dogon zango da karatuttukan malamai a can suke. Amma babban dalilina shi ne ba ta da wannan agogo na biyu a bidiyoyin da ka sauke da maɓallin Download. Ka fara kallo yau ka ajiye, ka dawo bayan mako guda, ba abin da ya canza. Abin da take ƙirgawa shi ne rabon wayarka da intanet. Ga mai Premium, wato mai biyan kuɗin wata a YouTube, bidiyon zai ci gaba da buɗewa har kwana 29 ba tare da haɗi ba. Da zarar ka kunna data ka buɗe manhajar, za ta sabunta lasisin da kanta, lissafi ya koma farko, kuma ba sake sauke bidiyon take yi ba, don haka datar da za ta ci ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ba ya biya ma yana iya sauke wasu bidiyoyin, amma ba duka ba, kuma wa'adinsa kan iya gajarcewa har zuwa awa 48 gwargwadon ƙasa da irin bidiyon. Waƙoƙi musamman ba sa saukuwa sai da Premium.

Aibinta, ba ta nuna ƙirgen kwanaki a gefen bidiyo. In ka shiga You ka danna Downloads, jerin abin da ka sauke kawai za ka gani. Lissafin a kanka yake: yaushe rabon da ka buɗe ta da data a kunne? Daga ranar za ka ƙirga. Ni dai ban ɗauki wannan babbar matsala ba, tunda ranar ɗaya ce ga duk bidiyoyin. Abin da ya fi cin rai shi ne in mai tashar ya goge bidiyo ko ya mai da shi na sirri, to a haɗi na gaba naka ma ya tafi. Wannan na faruwa da shirye-shiryen da wasu tashoshi ke ɗorawa ba da izinin masu su ba, saboda haka ka sauke daga tashar masu shirin ta asali.

Netflix ta fi kowa gaskiya wajen nuna lokaci, amma ta fi wahalar lissafi, domin kowane fim da nasa wa'adin. Buɗe manhajar, ka danna My Netflix a ƙasa, ka shiga Downloads. Duk abin da ya rage masa ƙasa da kwana 7, za ka ga an rubuta kwanakin ko awoyin da suka saura a gefen sunansa. In shiri ne mai kashi-kashi, sai ka shiga cikinsa, domin kowane kashi da nasa. Wanda ba a rubuta masa komai ba yana da sauran fiye da mako, sai dai wannan shirun ba ya gaya maka ko yana cikin masu awa 48 bayan fara kallo. Sai ka danna ka fito ƙirgen zai bayyana. Wanda ya riga ya mutu za ka ga Expired a jikinsa da alamar gargaɗi. In akwai data, ka danna alamar ka zaɓi Renew Download. Wani lokaci ba zai sabuntu ba sai ka goge ka sake saukewa. Wasu finafinan ma an ƙayyade sau nawa za a sauke su a shekara, kuma fim ɗin da aka cire daga Netflix ya tafi ke nan, ko da jiya ka sauke shi.

Prime Video a yawancin finafinanta kwana 30 ne kafin ka fara, awa 48 bayan ka fara. Ga mai kallo a gutsuttsure, wannan bai yi ba.

Mu ɗauki ɗalibin da zai tafi hutun kwana goma garinsu, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Ranar Juma'a da dare ya sauke finafinai huɗu a Netflix da kashi goma na wani shiri a YouTube. Asabar da ƙarfe 10 na safe, a cikin mota, ya buɗe finafinan huɗu ɗaya bayan ɗaya, minti biyu-biyu, don ya ga ko sun sauka lafiya. In suna cikin masu awa 48, ya tayar da agogonsu duka a lokaci guda, Litinin da ƙarfe 10 na safe huɗun sun rufe, alhali ɗaya ya samu ya kalla. Na YouTube kuwa ranar dawowarsa ma suna da sauran kwanaki fiye da goma sha biyar. Dabarar a nan ita ce kada ya taɓa fim sai ranar da zai gama shi. In yana son tabbatarwa sun sauka, alamar kammalawa a shafin Downloads ta isa. Kafin ya bar inda akwai netiwok kuma, ya buɗe kowace manhaja da data a kunne, ya karanta abin da aka rubuta a gefen kowane fim, mai gajeren wa'adi shi zai fara kalla. Ya kuma duba ranar da kuɗin watansa zai yanke, domin in ya yanke a tsakiyar hutu, hawa tudun nan don neman sabis ba zai sabunta masa komai ba.

Duk wannan lissafin yana aiki ne in asusun naka ne. Masu sayar da asusun Netflix mai araha a WhatsApp da Telegram su ne suka fi kashe wa mutane finafinai, ba wa'adi ba. Na taɓa saye a wajen wani, na cika waya da finafinai a datar dare, washegari manhajar ta ce in sake shiga. Mutumin ya canza kalmar sirri, ya fitar da kowa, ya sayar wa wasu. Fita daga asusu kuwa yana share duk abin da aka sauke. Ko bai yi haka ba, akwai iyakar wayoyin da za su sauke a asusu ɗaya: a tsare-tsaren biyan Netflix, ɗaya a Mobile da Basic, biyu a Standard, shida a Premium. In ya raba wa mutum goma sha biyar, za ka ga manhajar na cewa an sauke a na'urori da yawa, kuma mai asusun na iya cire wayarka daga jerin ba tare da ka sani ba. In mai sayarwa ya ce kada ka taɓa saituna, kada ka canza suna, ka kira shi in an nemi lamba, ka san kai ɗan haya ne na goma sha wani abu.

Sai masu ɗora manhajar da aka yi wa kwaskwarima, su ce Premium ne na har abada, fim ba ya ƙarewa. Lasisi daga kamfanin yake fitowa, babu gyaran da za a yi a wayarka da zai ƙara masa kwana. Ka lura da abin da irin wannan manhajar ke nema in ka girka ta: izinin karanta saƙonni, izinin ganin lambobi, izinin bayyana a kan sauran manhajoji. Mai kunna bidiyo ba shi da abin yi da saƙonninka, kuma a nan ne lambar sirri ta banki ke shigowa. Duk wadda aka turo maka a matsayin fayil ɗin APK, ba daga Play Store ba, kada ka sa mata adireshinka na Gmail.

Akwai kuma shawarar da ake yawo da ita, wai ka mai da kwanan watan waya baya. Ba abin dogaro ba ne, kuma WhatsApp zai tare ka da cewa kwanan watan wayarka ba daidai ba ne, shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa. Haka in ka kai waya gyara don tana nauyi, ka tsaya a kan mai gyaran. A saitunan manhaja, Clear cache ba ya taɓa finafinanka, amma Clear data yana kwashe su gaba ɗaya, yana kuma iya fitar da kai daga asusu, kuma maɓallan biyu a jere suke a shafi ɗaya.