IMAP ko POP: wanne za ka zaɓa idan akwatin imel ɗaya kake karantawa a waya da laftof?

Duk wanda ya zo saka adireshin imel a Outlook ko Thunderbird ko manhajar waya, allon yakan tsaya ya tambaye shi: IMAP ko POP3? Da yawa kan danna wanda ya fara zuwa su wuce. Sai bayan sati biyu ko wata guda abin ya fara nuna halinsa, saƙon da aka gani a waya jiya a neme shi yau a rasa, ko amsar da aka tura daga laftof a duba waya babu alamarta. Duk wannan daga zaɓin nan na farko yake tasowa, don haka gara a fahimce shi tun kafin a danna.

Imel ɗinka ba ya sauka kai tsaye cikin waya ko laftof. Yana fara sauka ne a babbar kwamfutar kamfanin da ya ba ka adireshin, wadda ake kira saba. IMAP da POP hanyoyi biyu ne da manhaja ke bi ta kai ga abin da ke cikin sabar. POP kamar ɗan aike ne da ke zuwa gidan waya ya buɗe akwati ya kwashe wasiƙun ya kawo gida. IMAP kuwa zuwa yake ya karanta wasiƙar a cikin akwatin, ya yi mata alama, ya bar ta nan, yadda duk wanda ya zo bayansa da mabuɗi zai tarar da ita tare da alamar.

An tsara POP ne a zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya, intanet kuma na layin tarho ne da ake biya gwargwadon mintoci. Ƙa'idar POP3 da ake bi har yau, RFC 1939, ta fito a 1996, kuma aikinta kaɗan ne. Ga yadda zance ke gudana tsakanin manhaja da saba, bayan an shiga da suna da kalmar sirri:

```
LIST
RETR 1
DELE 1
QUIT
```

Wato jero min saƙonni, ba ni na ɗaya, goge na ɗaya, sai an jima. Kusan iyakar abin da POP ya sani ke nan. Bai san folda ba sai Inbox kaɗai. Bai da hanyar gaya wa saba cewa an karanta saƙo ko an amsa shi. Kuma hanyarsa ɗaya ce, daga saba zuwa na'ura, babu abin da ke komawa sama. IMAP, wanda sigarsa da ta fi yaɗuwa ta fito a RFC 3501 a 2003, yana ajiye foldoji da alamomi a kan sabar kanta. Idan ka buɗe saƙo a waya, saba takan liƙa masa alamar \Seen, idan ka amsa ta sa \Answered, laftof kuma da ta haɗu da intanet ta ɗauki waɗannan alamomin.

A ɗauki misali. Mutum yana da adireshin sana'arsa, ya saka shi a laftof cikin Outlook da POP, a waya kuma da IMAP. A irin wannan asusu Outlook yakan zo da zaɓi biyu a kunne, "Leave a copy of messages on the server" da kuma "Remove from server after 14 days". Ranar 1 ga wata abokin ciniki ya turo takardar farashi. Waya ta nuna ta, laftof ma ta sauke kwafinta, komai lafiya. Ranar 15 ga wata ya kunna laftof, Outlook ya ƙirga kwana 14 sun cika, ya aika DELE. Saba ta goge saƙon. Waya kuwa, da yake madubin saba ce kawai, ita ma ta cire shi daga jerinta. Ranar 20 yana kan hanya, abokin cinikin ya kira yana tambaya game da takardar, ya lalube waya sama da ƙasa bai ga komai ba. Saƙon yana nan kwance a laftof, cikin fayil na .pst da Outlook ke ajiye saƙonni a ciki, kuma a duk duniya nan kaɗai yake. Idan aka sace laftof ɗin ko faifanta ya mutu, shi ke nan.

Ana gane wannan matsala cikin sauƙi. Buɗe akwatin ta burauza, a shafin imel na kamfanin, ka gangara zuwa saƙo mafi tsufa a Inbox. Idan kullum mafi tsufan bai wuce sati biyu ba alhali ka shekara kana amfani da adireshin, to akwai wata na'ura da ke kwasa da POP. Wani lokaci ma tsohuwar kwamfuta ce da aka manta da ita a ofis tana ta aikinta.

Wani zai ce to a cire wancan zaɓi na kwana 14, a bar kwafi a saba har abada, a sa POP a na'urorin biyu. Saƙonni za su daina ɓacewa, gaskiya ne, amma sauran wahalar tana nan daram. Kowace na'ura tana riƙe da jerin lambobin saƙonnin da ta riga ta sauke, waɗanda take samu ta umarnin UIDL, kuma ba ruwanta da jerin 'yar'uwarta. Saƙo 40 da ka karanta a waya da rana, da daddare za su sauka a laftof a matsayin sababbi fil. Tarkacen tallan da ka share a nan sai ka sake sharewa a can. Abin da ya fi ciwo shi ne foldar Sent. Tura saƙo aikin wata ƙa'ida ce daban mai suna SMTP, kuma a tsarin POP kwafin abin da ka tura yana zama ne a na'urar da ta tura shi. Rabin hirarka da mutum a waya, rabi a laftof. Ga kuma wani tarko: idan aka mayar da akwatin zuwa sabuwar saba lambobin UIDL suka canza, manhaja za ta ɗauka duk saƙonnin sababbi ne ta sake sauke su, ka wayi gari da kowane saƙo biyu-biyu.

Masu Gmail sai su ƙara lura, domin POP ɗinsa na da ɗabi'a ta daban. Da zarar wata na'ura ta sauke saƙo ta POP, ba ya sake miƙa shi ga ta biyu, ko da saƙon yana nan a Inbox. Maganin da Google ya tanada shi ne a rubuta recent: a gaban adireshin a wurin sunan shiga, sai kowace na'ura ta riƙa samun saƙonnin kwana 30 na baya. Yana aiki, amma faci ne a kan tsohuwar riga.

Saboda haka ga mai waya da laftof shawararmu ɗaya ce: IMAP a dukkansu biyu. Sai dai shi ma yana da nasa ƙalubalen, kuma ya kamata a san su kafin a shiga.

Na farko shi ne wuri. Tunda komai a saba yake zama, akwati yana cika. Gmail na kyauta yana ba da 15 GB, amma ana raba shi da Drive da Photos. Adireshin da ke kan rukunin yanar gizon kamfani kuwa sau da yawa ƙaramin wuri ake yanka masa. A ce 2 GB ne, kana karɓa da turawa saƙo 40 a rana, kowanne kimanin 150 KB. Wannan 6 MB ke nan a rana, akwatin zai cika cikin wata 11. Kuma fayil ɗin da aka maƙala wa saƙo yakan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake shirya shi don tafiya, hoton 3 MB ya koma kusan 4 MB. Idan akwati ya cika, sababbin saƙonni komawa suke ga masu turowa, kai kuma kana zaune kana tsammanin kasuwa ce ta yi sanyi. Kafin ka zaɓi kamfani, tambayi girman akwatin, ka yi wannan lissafi da naka adadin.

Na biyu shi ne gogewa, kuma nan ne mutane suka fi cutuwa. A IMAP abin da ka goge a waya ya gogu a ko'ina. Mutum yakan ga waya ta cika ya ce bari ya share tsofaffin imel, ai suna laftof. Da laftof ta hau intanet, su ma nata sun tafi. Kwafin da Outlook ke ajiyewa a fayil na .ost inuwar saba ce kawai, ba ajiyar tsaro ba. Gmail yana riƙe abin da ke Trash kwana 30, bayan haka sai haƙuri. In wuri kake nema a waya, rage yawan kwanakin da manhajar ke saukewa zuwa sati biyu ko wata ɗaya, kada ka taɓa saƙonnin.

Ajiya ta gaskiya ita ce a kwafe tsofaffin saƙonni zuwa wurin da saba ba ta da iko a kai: Local Folders a Thunderbird, ko fayil na .pst daban a Outlook, sannan a kwafe wannan zuwa faifan waje. Da haka ka samu amfanin POP ɗaya tak da ya rage ba tare da ɗaukar wahalarsa ba. POP kansa yana da ranarsa ga mai na'ura ɗaya da ƙaramin akwati ƙwarai, amma wannan ba halin da muke magana a kai ba ne.

Wajen saiti, lambar da ake sakawa a gurbin Port ga IMAP ita ce 993 tare da SSL/TLS, ga POP kuma 995. Lambobin 143 da 110 na asali ne da ke fara magana a buɗe, kada ka yi amfani da su sai da STARTTLS, wanda ke ɓoye zancen kamar SSL/TLS, in ba haka ba kalmar sirrinka tsirara za ta bi hanya. Turawa ta 465 ko 587 take, ko wanne ka zaɓa. Sannan ka tabbatar na'urorin biyu folda ɗaya suke zuba abin da aka tura, domin wata manhaja takan ƙirƙiri Sent Items, wata Sent Messages, alhali saba na da Sent nata. A Gmail kuwa kashe zaɓin ajiye kwafi a manhaja, shi da kansa yake ajiyewa, in ka bari kana iya ganin biyu.

Wanda ya riga ya daɗe a kan POP kada ya yi gaggawar cire asusun, tunda wataƙila saƙonnin shekaru a laftof kaɗai suke. Fara da kwafe fayil na .pst ko foldar bayanan Thunderbird zuwa faifan waje. Sannan ka hana asusun POP ɗin duba saƙo, don kada ya ci gaba da kwasa. Ka ƙara adireshin a matsayin sabon asusu na IMAP, domin manhajojin nan ba sa juya asusun POP ya koma IMAP. Daga nan ka riƙa kwafe tsofaffin saƙonni zuwa foldojin IMAP ɗari biyu ko uku a lokaci guda, kwafewa ba matsarwa ba, saboda idan intanet ta yanke a tsakiya asalin na nan. Bayan kowane rukuni ka buɗe burauza ka gwada adadin da ke foldar da wanda ke laftof, ka kuma duba sauran wurin da ya rage a akwatin. Sai adadi ya yi daidai a Inbox da Sent, waya ma ta nuna su, sannan ka cire tsohon asusun.