Matsakaici mai tafiya ko layin alkibla: hasashen cinikin masara

Dillaliya a kasuwar Maigatari ta sayar da buhu 40, 44, 48, 52 na masara a wata huɗu a jere. Buhu nawa za ta sayar a wata na biyar?

Matsakaici mai tafiya yana ɗaukar matsakaicin watannin baya-bayan nan a matsayin hasashen wata mai zuwa. Na wata uku na ƙarshe: `(44+48+52)/3 = 48`. Zaton da za a rubuta a gefensa: ciniki bai sauya ba. To ai ya sauya, don haka 48 ta biyo baya, ƙasa ma da cinikin watan jiya.

Layin alkibla kuwa, wato layin da ke bin hawa ko saukar ciniki wata bayan wata, yana ganin ƙarin buhu 4 kowane wata, sai ya ba da 56. Zatonsa: ƙarin zai ɗore. Nan ne matsalar, domin da kaka ta shigo, kowa na da hatsi a rumbu, ciniki ya faɗi, layin kuma bai sani ba. Ni dai kafin kaka layin nake bi, amma wata ɗaya gaba kawai.