Matsakaicin kwana bakwai ko iyakar sama da ƙasa: wanne ke kama matsala a kuɗin talla?

"Ina kashe naira 20,000 kullum a tallar Facebook, mutum goma ke cike fom. Na sa ƙararrawa in CPL, wato kuɗin da nake kashewa kan kowane mai cike fom, ya ɗara matsakaicin kwana bakwai da kashi 20, amma kusan kullum sai ta buga. In koma iyakar sama da ƙasa ne?"

Malam, kowanne da inda yake da amfani.

A kuɗin da ake kashewa, matsakaicin kwana bakwai ya wadatar, domin ya haɗa Juma'a da ƙarshen mako. Sai dai Meta, kamfanin Facebook, kan zarce kasafin rana wata ranar, ta rage a wata, a mako ba ta wuce ninki bakwai. Don haka jimlar mako za ka sa wa ido. Kada kuma ka saka ranar da kake aunawa cikin matsakaicin, za ta ja shi zuwa wajenta.

A CPL kuwa kashi 20 ya yi kaɗan. Inda ake samun goma a rana, bakwai ko sha uku ba abin mamaki ba ne. Mutum goma, kowanne ya tsaya a 2,000. Bakwai, ya koma 2,857, ƙarin kashi 43, alhali babu abin da ya lalace.

Iyaka ita daga hawa da saukar alƙalumanka take fitowa. Ɗauki kwana 28 da babu Sallah ko sauyin kasafi a ciki, ka zuba a Excel, CPL a layin `D`, bambancin kowace rana da jiyanta a `E`. Lissafin farko na `E3` ne zuwa `E29`, na biyu shi ne iyakar sama:

```
=ABS(D3-D2)
=AVERAGE(D2:D29)+2.66*AVERAGE(E3:E29)
```

A ce matsakaici 2,050 ne, matsakaicin bambancin 500, iyakar sama ta zama 3,380. Ranar mutum bakwai ɗin nan ta wuce lafiya. Ranar da fom ya ƙi buɗewa aka samu uku, 6,667, nan take za ta kama. Ta ƙasa debewa ake yi maimakon tarawa, ga 720. In an faɗa ƙasa da ita kada ka yi murna tukuna, duba ko ana ƙirga mutum ɗaya sau biyu.

Inda matsakaici mai tafiya ya fi ba ni haushi shi ne hawan sannu. Idan mutane sun gaji da ganin tallar, CPL na ƙaruwa da naira 50 kullum, matsakaicin na biye da shi, tazararsu 200 kacal, ƙararrawa shiru. Wata guda sai ka tsinci kanka a 3,500. Shi ya sa ake daskarar da iyakar, ba a sake lissafa ta sai an sauya kasafi ko masu kallo da gangan. Kwana takwas a jere sama da 2,050 ma ya isa ka bincika, ko ba a taɓa iyaka ba.

Alƙaluman jiya kan cika a makare, saboda haka da na shekaranjiya za ka yanke hukunci.