Biliyan 50 ko biliyan 5: wane furobayotik ya dace da mai shan antibayotik?

"Salama alaikum. Jiya aka rubuta wa ɗana mai shekara 4 amoksisilin na kwana 7, kuma duk sanda ya sha irin maganin nan sai zawo ya kama shi. A kemis nan Mabera an nuna mini furobayotik biyu. Na farko ƙunshin gari ne, an rubuta Saccharomyces boulardii CNCM I-745, miligiram 250. Na biyu kafso ne mai ƙwayoyi iri goma, biliyan 50, ya fi tsada. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Furobayotik ƙwayoyi ne masu rai da ake sha don su taimaki hanji. Ni na farkon zan ɗauka, duk da ƙarancin adadinsa.

Ki fara duba sunan. Cikakken sunan furobayotik gaɓa uku ne: dangi, jinsi, sannan lambar zuriya, wato haruffa da lambobin nan na ƙarshe. Uda da Balami duk tumaki ne, amma mai kiwo ya san kowanne da girmansa da juriyarsa. Haka ƙwayoyin nan suke, kuma gwaji a kan zuriya ake yin sa. CNCM I-745 an gwada ta sau da dama a kan yara masu shan antibayotik, ita da wata mai suna Lactobacillus rhamnosus GG. Kafson kuwa, in kin juya bayan kwalin kika ga sunaye goma ba lamba a gaban ko ɗaya, to ba yadda za ki danganta shi da wani gwaji. Mai yiwuwa ya yi aiki, sai dai da zato za ki saya.

Bambanci na biyu shi ya fi shafar ɗanki. Na ƙunshin yis ne, dangin wanda ake sa wa burodi, antibayotik kuma bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa yis. Kina iya ba shi su lokaci guda. Ƙwayoyin da aka saba zubawa a irin wannan kafson bakteriya ne, amoksisilin na iya kashe da yawansu, dole sai an raba su da aƙalla awa biyu. In yana shan magani ƙarfe 6 na safe, 2 na rana da 10 na dare, kafson sai wajen 10 na safe. Abin da ke kashe na ƙunshin shi ne maganin fangas irin fulukonazol, da kuma zafi, don haka kada ki zuba shi a kunu ko shayi mai tururi. Ki dama da ruwa mai ɗan sanyi ya shanye nan take.

Adadin fa? Biliyoyin da ke jikin kwali, da ake rubutawa da CFU, ƙidayar ƙwayoyin da ke da rai ne, waɗanda in an shuka su a ɗakin gwaji za su yaɗu. A bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta fitar a 2019, yara kusan 19 cikin 100 ne suka yi zawo cikin waɗanda ba su sha furobayotik ba, masu sha kuma kusan 8, kuma amfanin ya fi fitowa daga biliyan 5 a rana zuwa sama. Miligiram 250 na wannan yis ɗin ya kai wajen hakan, ana bayarwa sau ɗaya ko biyu a rana yadda likita ya tsara. Biliyan 50 da aka raba wa iri goma ba ya nufin kowanne ya samu biliyan 5, sau da yawa mai arha ne ke cinye kaso mafi girma.

Abin da ya fi damuna a garin nan shi ne ajiya. Wasu kamfanoni adadin ranar da aka haɗa maganin suke rubutawa, wasu kuma adadin da zai rage ranar ƙarewar wa'adi, kuma na biyun ne abin dogaro. Kwalin da ya wuce watan Afrilu a kan kanta, zafi ya haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, me ya rage a cikinsa? Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, in an rubuta a ajiye a firji kuma kika ga daga kan kanta aka sauko da shi, ki bar musu.

Tunda jiya ya fara, yau ya kamata ki soma, domin cikin kwana biyun farko rigakafin ya fi kamawa. Ki ci gaba har amoksisilin ya ƙare, ki ƙara mako ɗaya. Jira sai an gama don a "gyara ciki" hujjarsa ba ta da ƙarfi, har wani bincike na 2018 ya nuna gaurayen furobayotik iri 11 ya jinkirta dawowar ƙwayoyin hanji na asali.

Duka biyun ba a ba bakwaini, ko mai raunin garkuwar jiki, ko wanda aka sa wa robar ƙarin ruwa a babbar jijiya, sai da izinin likita. In zawon ya zo duk da haka, ki ba shi ruwan gishiri da sukari da zinki, kada ki tsayar da amoksisilin da kanki. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ido ya faɗa ko fitsari ya ragu, wannan na asibiti ne a ranar.