Wata biyar da wando mai hawa cibiya: abin da ya gyaru da abin da bai gyaru ba

Ni mai tumbi ne, kuma aikina na sa shat da wando ne kullum. Na daɗe ina ɗaura wando a ƙarƙashin teɓa, inda tef ke nuna inci 40, alhali a saitin cibiya inci 46 nake. Kafin azahar shat ta fito ta gaba, maɓallin ƙasa ya buɗe baki, kan bel ya kifa yana kallon takalmi. Wata biyar da suka wuce na kai wa wani tela ɗinkin wando biyu da shat uku, kuma yanzu na sa su sosai har zan iya faɗin yadda na same su.

Da na je, shat na je gyarawa, don ita nake zargi. Telan ya ce in ba shi wandon da na fi sawa. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya ɗora tef daga ɗinkin hantsa zuwa bakin ƙugu ta gaba, ya samu inci 9 da rabi. Ya ce, “Alhaji, wannan wandon ba zai taɓa riƙe maka riga ba, ko da wa ya ɗinka ta. Gabansa ya gaza.” Ya auna ni daga hantsa zuwa cibiya, ya rubuta inci 13.

Dalilinsa ya shige ni. Idan ƙugun wando yana ƙarƙashin tumbi, dole gaban shat ya zagaye tudun cikin gaba ɗaya kafin ya shiga wando, sai ya zama ɗan guntu ne kawai ya shige. Kana zama, ciki ya turo gaba, ya zare guntun. Ga shi kuma ido yana ganin layin bel ya karkata, baya a sama gaba a ƙasa, ƙafafu sun gajarce, cikin ya fito shi kaɗai kamar an rataya shi. Da ƙugun ya hau cibiya, yadin wandon ne ke sauka daga inda cikin ya fi faɗi zuwa ƙasa a miƙe, ba wani lungu a ƙarƙashi da zai nuna girmansa.

Abu mafi wuya shi ne yarda da lambar. Na shekara da shekaru ina cewa ƙuguna 40 ne, sai ga wando mai 46. Ranar farko na ji kamar na shiga buhu. Madubi kuwa ya nuna akasin haka.

Ya sa tattara biyu a kowane gefe na gaba. A wandon farko tattarar tana buɗewa ko ina tsaye, alamar yadi bai isa ba a cinya da mara. Na mayar, ya saki kusan inci ɗaya daga ɗinkin, ta kwanta. Haka ake gane tattara mai kyau: a tsaye tana rufe, sai an zauna take buɗewa. A nan na ɗan ga gazawarsa, don a tsaye kawai ya auna ni da farko. A wando na biyu ni na ce sai an auna ni a zaune a kan kujera, kuma bai buƙaci gyara ba.

Matsalar da ba a gaya mini da wuri ba ita ce bel. A saitin cibiya ba ƙashin da zai tokare shi, kuma daga nan jiki sirancewa yake yi zuwa ƙasa, don haka wandon zamewa yake yi. In ka matse bel sosai ya tsaya, ya raba cikin gida biyu, numfashi ya yi wuya bayan ka ci abinci. Na yi sati biyu ina jan wando sama a gaban mutane. Daga baya aka ɗinka maɓallai shida a cikin ƙugun, huɗu gaba biyu baya, na koma igiyar kafaɗa, wadda ke rataye wando daga kafaɗu. Da ita ƙugun ba ya buƙatar matsewa, yatsu biyu na shiga cikin sauƙi, karin guga kuma yana sauka a miƙe. Na gwada irin mai maƙale na ƙarfe tukuna, amma tana ɓallewa idan na sunkuya, tana kuma cin bakin yadi. Mai maɓalli ta fi. Aibinta biyu ne: shiga banɗaki na ɗaukar lokaci idan da kwat a sama, sannan a ranar zafi gumi na bin layinta a baya.

Shat ɗin kuwa, kuskurena na da shi ne sayen babbar lamba don ta rufe ciki. Cikin yana rufuwa, amma ɗinkin kafaɗa ya sauko kan dantse, kwala ta yi sako-sako, hannu ya rufe yatsu. Telan ya yanka kafaɗa da wuya daidai jikina, wuya inci 17 da sararin yatsu biyu, sannan ya bar faɗin ciki inci 51, wato ƙarin inci 5 a kan awona. Bai tsuke bayan ba, ya bar tattara ɗaya a tsakiya. Ya ƙara tsayi har ta rufe mazaunai, ya ƙara maɓalli ɗaya a can ƙasa, ya kuma daidaita jerin yadda maɓalli ɗaya zai faɗo daidai inda cikin ya fi turowa. Wannan ƙaramin abu ne ya hana gaban buɗewa idan na zauna. Ɗaya daga cikin ukun da yadi mai santsi da sheƙi aka yi, zaɓina ne, kuma na yi nadama. Yana manne wa jiki, haske na sauka a kan tudun ciki. Biyun da aka yi da auduga mai ɗan kauri sun fi zama da kyau.

Zanzaro ya zo da sauƙi bayan haka. Singileti na shiga cikin gajeren wando, shat ta bi ta kansa, don kada su riƙa jan juna. Kafin in rufe zif nakan kama rarar yadin a ɗinkin gefe biyu, in ninka ta zuwa baya, in rufe ƙugu a kai. Sai in ɗaga hannu sama sau ɗaya, shat ta ɗan fito kamar rabin inci. Idan aka ja gaban ya ɗame ƙam, siffar cikin ce ke fitowa ƙarara, shi ya sa nake barin wannan ɗan sakin.

Na kuma sayi robar nan da ke haɗa bakin shat da safa. Tana riƙewa, ba ƙarya, amma tana jan gaban rigar ya lafe a kan tumbi, tana kuma goge gashin ƙafa. Kwana uku na sa ta na ajiye. Da hantsa mai inci 13, kusan inci 8 na shat ke cikin wando, ba inda za ta je.

Idan zan sake ɗinki, zan ce a rage rabin inci a bayan ƙugu, don yana ɗan naɗewa idan na jingina da kujera, kuma zan ce kada a sa madaukan bel gaba ɗaya tunda ban ƙara amfani da su ba. Tsofaffin wanduna masu 40 na nan a ƙasan akwati.