Ƙaramar sifikar madabod da fitilu huɗu: abin da na gani da kwamfuta ta ƙi tashi

Sifikar da nake magana a kanta ba ta kai girman maɓallin riga biyu ba. Baƙa ce, da wayoyi biyu, ja da baƙi, da kai mai ramuka huɗu wanda ake sakawa a fil ɗin da aka rubuta SPEAKER a gefen madabod, wasu kuma JFP2 suke rubutawa. Kes ɗin da ake yi a da yana zuwa da ita, na yanzu yawanci babu, shi ya sa mutum zai haɗa sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi, ya ji tsit, alhali madabod ɗin yana ta ƙoƙarin yin magana ba shi da baki. Na sayi tawa a shagon kayan kwamfuta da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma aikin da ya sa na san darajarta shi ne wata kwamfuta da na haɗa wa ƙanena: madabod B450, furosesa Ryzen 5 5600 na hannu, ram DDR4 guda biyu, da katin girafik, tunda wannan furosesan ba ya fitar da hoto da kansa.

Da na danna maɓalli fankoki suka juya, monita kuwa ko ƙyaftawa. Madabod ɗin yana da ƙananan fitilu huɗu kusa da inda babbar wayar wuta mai fil 24 take shiga, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA, BOOT. Haka madabod yake bin su bi da bi duk lokacin da aka kunna: ya duba furosesa, ya duba ram, ya nemi abin da zai fitar da hoto, sannan ya nemi inda zai ɗauko Windows ko Linux. Kowace fitila tana kamawa ta mutu idan an wuce matakinta. Wadda ta tsaya a kunne, nan aka maƙale. Tawa ta CPU ta kama ta mutu, ta DRAM ta kama ta zauna.

Sifikar kuma ta yi ƙara doguwa ɗaya, gajeru biyu, ta yi shiru, ta maimaita. Littafin madabod ɗin ya ce wannan na nufin ba a ga ram ba. To ga shaidu biyu sun haɗu a kan ram, kuma a nan ne mutane da yawa suke kwasar ram lafiyayye su mayar wa mai shago ana ta cacar baki.

Na cire ram ɗin duka biyu na kunna haka nan. Ƙarar ba ta canja ba. Wannan gwaji shi ne babban amfanin sifikar a wurina, domin ya faɗa mini abu biyu. Na farko, furosesa yana raye kuma BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, ya san shi, don sai ya fara aiki kafin a iya yin ƙorafin ram. Da BIOS ɗin tsoho ne wanda bai san jerin Ryzen 5000 ba, abin da ya zama ruwan dare a B450, to galibi fitilar CPU ce za ta tsaya, sifika kuma ta yi gum. Na biyu, da ram da babu ram duk ɗaya ne a wurin madabod ɗin, wato ba ya ganinsa kwata-kwata.

Daga nan sai bi ɗaya-ɗaya, ana kashe wuta daga bango kafin kowane canji. Ram ɗaya a ramin A2, na biyu daga furosesa, wanda littafi yake cewa a fara da shi: ƙara iri ɗaya. Ɗayan ram ɗin a A2: haka. Na mayar da na farko ramin B2, sai fitilu suka bi layi har ƙarshe, sifika ta yi ƙara gajera ɗaya, tambarin BIOS ya fito a monita. Na biyun ma ya tashi a B2. Ke nan ram ɗin nan biyu ba su da laifi, layin A, wanda ramin A2 yake kai, shi ne ba ya aiki.

Abin da fitilar ba za ta gaya maka ba shi ne, ɓangaren da ke sarrafa ram yana cikin furosesa ne, ba a kan madabod ba. Saƙo yana tashi daga ram, ya bi ta ramin, ya bi hanyoyin madabod, ya shiga soket, ya hau fil ɗin furosesa. Duk inda ya katse a wannan hanya, DRAM za ta kama. Na kwance fankar furosesa, ina ɗan murɗa ta kafin in ɗaga, saboda a soket AM4, mazaunin furosesa a wannan madabod, man da ke tsakani yakan riƙe furosesa ya tumɓuko shi tare da fanka. Na juya shi a hasken tocilan ɗin waya ina kallon layukan fil ɗin daga gefe. Fil 1331 ne a jere, idan lafiya suke haske yana wucewa tsakanin layi da layi. A wani gefe sai ga biyu sun kwanta sun jingina da maƙwabtansu. Na tayar da su a hankali da bakin reza, kaɗan-kaɗan, don fil ɗin da aka lanƙwasa gaba da baya karyewa yake yi. Furosesa ya faɗa soket da nauyinsa ba tare da an danna ba, ram biyu suka koma A2 da B2, kwamfuta ta tashi da su duka. A AM5, soket ɗin da ya gaji AM4, da soket ɗin Intel na yanzu fil ɗin a cikin soket suke, can za a duba, kuma ɗaure fanka fiye da kima ma yana iya jawo irin wannan.

Sifikar tana da nata aibin. Muryarta siririya ce, idan janareta yana aiki a waje da ƙyar za ka bambance doguwa da gajera, sai na riƙa ɗaukar sautin a waya ina sake saurara. Babban aibin kuma, ƙarar ba harshe ɗaya ba ce. Gajeru biyar a tsohon BIOS na kamfanin AMI matsalar furosesa ce, a nasa na zamani mai suna Aptio kuwa biyar na iya nufin ba a samu abin fitar da hoto ba. Wanda ya ɗauko jadawalin da bai dace da madabod ɗinsa ba zai je neman sabon furosesa alhali katin girafik ne bai zauna daidai ba. Littafin madabod ɗinka kaɗai ne abin dogaro.

Fitilun sun fi sauƙin karantawa, sai dai rubutunsu ƙanana ne ƙwarai, kuma waya mai fil 24 takan rufe su, dole ka haska ka ƙirga daga sama. Ga kuma abin da ke ruɗa masu DDR5: a kunnawar farko, musamman a AM5, fitilar DRAM tana iya zama na 'yan mintuna yayin da madabod yake daidaita kansa da ram ɗin. Wanda ya yi gajen haƙuri ya kashe wuta, ya mayar da aikin farko. Fitilar BOOT kuwa idan ta tsaya a sabuwar kwamfutar da ba a saka mata Windows ba tukuna, ba matsala ba ce, ba ta ga abin ɗorawa ba ne kawai.

Idan madabod ɗinka mai tsada ne, mai ɗan allon lambobi biyu da zai nuna maka 55 idan babu ram ko d6 idan babu hoto, sifikar ba za ta ƙara maka komai ba. Idan mai fitilu huɗu ne, tana taimakawa a matsayin shaida ta biyu, musamman ƙarar nan gajera ɗaya da ke tabbatar da an wuce gwaji ko da monita ce ko wayar HDMI ta lalace. Madabod masu araha da ba su da fitila ko ɗaya kuwa, irin waɗanda suka fi yawa a shagunanmu, ba na fara haɗa su sai na saka ta tukuna.